Fuskar Baƙin Mutum a Hoton Baƙi-da-Fari: Yadda Ake Juya Launi Ba Tare da An Kashe Fata Ba



An ba ni magana a kan mayar da hoton mutum mai launi zuwa baƙi-da-fari. Ba zan bi duk rassan maganar ba. Zan tsaya a kan fuska irin tamu, daga wankan tarwaɗa zuwa baƙi sosai, domin ita ce ke shigowa shagunanmu kullum, ita ce kuma manhajoji suka fi ɓatawa in an bar su su yanke hukunci da kansu. Mutum ya danna maɓalli ɗaya, launi ya tafi, ya ƙara Contrast don hoton ya yi ƙarfi, sai ka ga kumatu sun nutse cikin duhu, goshi da karan hanci suna walƙiya, farar riga ta zama takarda. Mai hoton ya duba ya ce, "Malam, ai wannan ba ni ba ne." Gaskiyarsa. Abin da nake so mu fahimta yau shi ne dalilin faruwar hakan, kuma dalilin lissafi ne mai sauƙi.

Kowane ɗigo a hoton dijital lambobi uku ne: na ja, na kore, na shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Hoton baƙi-da-fari kuwa lamba ɗaya yake buƙata. Saboda haka juyawar gaba ɗayanta tambaya ɗaya ce: nawa za a ɗebo daga kafar ja, nawa daga kore, nawa daga shuɗi? Tsohon rabon da aka gada daga talabijin mai launi na Amurka na 1953 shi ne kusan kashi 30 na ja, 59 na kore, 11 na shuɗi, domin idon ɗan'adam ya fi jin hasken kore. Rabo ne mai adalci ga ciyawa da gini da sararin sama. Ba don fuskar kowa aka yi shi ba, kuma babu dokar da ta ɗaure ku a kansa.

Yanzu mu dubi fatar kanta, don nan ne gishirin maganar yake. Hasken da ke dawowa daga fuska iri biyu ne. Akwai wanda ke shiga cikin fata, ya zagaya, ya fito. Wannan yakan haɗu da sinadarin melanin, wanda ke shanye shuɗi da yawa, kore daidai gwargwado, ja kaɗan. Shi ya sa duk baƙin mutum, in ka auna kumatunsa a kwamfuta, lambar ja ce kan gaba, kore na biye, shuɗi can ƙasa. Akwai kuma hasken da bai shiga ba sam, ya bugi maiƙon saman fata ya dawo. Wannan shi ne ƙyallin da muke gani a goshi da hanci da saman kunci, kuma launinsa launin fitilar ne ko na rana, kusan daidai yake a kafofin uku. A fuskar Bature ƙyallin ba ya nisa da hasken fatar da ke kewaye da shi, don haka ba ya tsone ido. A fuskar baƙin mutum tazarar babba ce, kuma wannan tazarar ce ke ba fuskar siffa: ita ke nuna inda ƙashi ya taso da inda nama ya kwanta. In ta yi kaɗan fuska ta mutu, in ta yi yawa ta zama kamar an shafa mata mai. Aikinmu duka shi ne riƙe wannan tazarar a inda ya dace.

Bari mu ɗauki hoto guda mu bi shi har ƙarshe. Dattijo ne baƙi, ya zauna a bakin zaure, hasken safiya yana shigo masa ta dama. Yana sanye da babbar riga ta farar shadda da hula mai aikin ja da kore. Na zaɓi wannan ne don babu wanda bai taɓa haɗuwa da shi ba ranar sallah ko ɗaurin aure, kuma ya tara wahalhalun wuri guda: abu mafi haske a hoton tufafi ne, abu mafi muhimmanci kuma yana cikin mafi duhu. Ku buɗe hoton a Photoshop, ku ɗauki Color Sampler Tool, ku sa Sample Size a kan 11 by 11 Average don kada ɗigo ɗaya ya yaudare ku, ku dasa alama wuri huɗu. A misalinmu, mu ce ga abin da Info ya nuna, ja da kore da shuɗi a jere. Kuncin da haske ya taɓa: 120, 80, 60. Ƙyallin goshi: 200, 185, 175. Kuncin da ke cikin inuwa: 55, 35, 28. Ƙirjin riga: 240, 240, 238.

Kafin ku taɓa komai, ku shiga Channels ku kalli kafofin uku ɗaya bayan ɗaya. Minti ɗaya ne, amma ya fi duk abin da zan faɗa amfani. A Red za ku ga fuskar ta yi haske ta yi sumul: kunci 120, goshi 200, tazara 80. A Blue za ku ga wani mutum daban, wanda ya girmi dattijonmu da shekara ashirin: kunci 60, goshi 175, tazara 115, kowane ramin gumi da kowane tabo ya fito, ga kuma yashi-yashi a inuwa. Green yana tsakiya, kuma shi ya fi tsabta. Dalilin tsabtar tasa yana cikin kyamara: a tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976, wanda galibin kyamarori ke bi har yau, rabin idanun sensa kore suke gani, ja da shuɗi kowanne rubu'i. Kafar shuɗi a baƙar fata ba ta samun haske sosai tun asali, balle a ƙarƙashin ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa. Duk wanda ya ɗebo da yawa daga gare ta, yashi ya ɗebo.

To mu yi juyawar. Da tsohon rabon nan na 30, 59, 11, kunci zai faɗo a 90, goshi a 188, inuwa a 40. Tazarar kunci da goshi 98. Yanzu ku buɗe Channel Mixer a matsayin leyar gyara, ku kunna Monochrome, ku sa Red 60, Green 35, Blue 5. Lissafin kunci ke nan:

```
0.60×120 + 0.35×80 + 0.05×60 = 103
```

Kunci ya tashi daga 90 zuwa 103. Goshi ya tashi kaɗan kawai, daga 188 zuwa 194. Inuwa ta matso daga 40 zuwa 47. Riga tana nan a 240 ba ta motsa ba, domin fari lambobinsa uku daidai suke, ko ta yaya ka raba su jimillar ɗaya ce. Ku lura da abin da ya faru: mun ɗaga fatar da ke ƙarƙashin ƙyalli ba tare da mun ɗaga ƙyallin sosai ba, kuma ba mu ƙona riga ba. Da Brightness muka ja, da duka ukun sun tashi tare. Sharaɗi ɗaya ne, jimillar kason uku ta tsaya a 100. In ta kai 120, rigar 240 za ta nemi 288, alhali 255 ne rufin, sai duk aikin zaren wuyan riga ya shafe. Photoshop yana nuna Total a ƙasa, yana kuma sa alamar gargaɗi in an zarce.

Hular ma ta ci riba. Jan zaren nan, mu ce 180, 40, 40, da koren, 30, 115, 50, a ido sun bambanta kamar me, amma a tsohon rabo dukansu 82 suke bayarwa. Wato zanen hular da mai ɗinki ya kwashe makonni yana yi zai ɓace, ta koma toka ɗaya. Da rabonmu na 60, 35, 5 jan ya koma 124, koren ya sauka 61, zane ya dawo. Irin wannan na faruwa da atamfa da leshi kullum, kuma mata sun fi maza saurin ganewa.

Wani zai ce, tunda ja ke gyara fata, me zai hana a ba shi ɗari bisa ɗari? Abubuwa biyu. Na farko, jan haske ya fi nutsawa cikin fata kafin ya fito, don haka kafar ja ba ta ɗauke da saƙar saman fata sosai. Fuskar dattijo mai tamoji da furfura da zanen gado a kunci, in aka share mata waɗannan, an share shekarunta, kuma 'ya'yansa da suka biya kuɗin hoton babansu suke so su gani. Ga irinsa nakan sauko ma zuwa 45, 50, 5, kunci ya tsaya a 97, saƙar ta ƙara fitowa. Na biyu, leɓe. A kafar ja leɓe yakan yi haske ya haɗe da fata, ko ma ya fi ta, sai mutum ya fito kamar mai jinya. Tsofaffin masu hoto sun san wannan tun zamanin fim. Fim na farko-farko ba ya ganin ja, shi ya sa a tsofaffin hotuna leɓe ke fitowa baƙi ƙirin, fata kuma ta fi yadda take duhu. Da aka samu fim mai ganin dukkan launuka a farkon ƙarni na 20, sai masu hoto suka koma ɗaura gilashi mai launi a bakin kyamara: rawaya ko ruwan lemo don sassauta fata, kore don fito da ƙarfin fuskar namiji. Abin da muke yi da Channel Mixer ke nan, sai dai mu bayan an ɗauki hoton muke zaɓen gilashin, kuma muna iya canza ra'ayi.

Matsalar leɓe ta fi tsanani ga amarya. Jan-baki mai lambobi 170, 40, 50, a rabon 60, 35, 5 zai ba da kusan 119, kuncinta kuwa, in irin na dattijonmu ne, 103. Leɓe ya fi kunci haske, kwalliyar da aka biya ta juye. Jan lalle a tafin hannu shi ma zai dushe, baƙin lalle ne kaɗai zai tsira. A nan Channel Mixer ya gaza, domin ba ya bambanta jan fata da jan janbaki. Sai a koma ga kayan aikin da ke rarrabewa ta nau'in launi: B&W a Lightroom da Camera Raw, ko leyar Black & White a Photoshop. A Lightroom ma'aunai takwas ne, kuma fatar mutum, baƙi ne ko fari, kusan duk tana ƙarƙashin Orange, leɓe kuma yana ƙarƙashin Red, wani lokaci da ɗan Magenta. Sai ka tura Orange sama da maki 15 zuwa 25, ka saukar da Red da kamar 10, leɓe ya koma ƙasa da fata inda ya kamata. A leyar Photoshop babu Orange, fata ta rabu tsakanin Reds da ke farawa a 40 da Yellows da ke farawa a 60, sai ka ɗaga su tare a hankali.

Amma wannan hanyar tana da nata tarkon, kuma ina ganinsa a hotunan biki da yawa. Fata ba launi ɗaya ba ce. Kunci ya fi ja, gefen baki da ƙasan ido sun fi rawaya ko toka, inuwar haɓa kan ɗauki launin rigar da ke ƙasa, in kuma a waje aka ɗauka goshi kan ɗauki shuɗin sama. Idan ka ja Orange can sama, ka ja Red can ƙasa, duk inda launin ya ɗan karkata sai ya yi tsalle daga haske zuwa duhu, fuska ta yi dabbare-dabbare kamar mai ƙyasfi. Ba a ganin wannan in hoton yana ƙarami a allo. Ku buɗe shi zuwa 100%, ku duba kunci da gefen hanci da wuya. In kun ga tsibirai masu kaifin baki waɗanda babu su a hoton mai launi, ma'aunai maƙwabta sun yi nisa da juna, ku matso da su. Ni ba na barin tazarar Red da Orange ta wuce maki 30 zuwa 40 a fuska. Fatar da aka shafa wa man bilicin ta fi kowace saurin tonuwa a nan, don launinta a rarrabe yake tun asali, gwiwoyin yatsu baƙi, kunci ja. Ga irinta Channel Mixer ya fi rufin asiri, tunda ba ya tsalle.

Tunda na ambaci bilicin, bari in ɗan ratse. Akwai shagunan da suka mayar da haska fuska al'ada, kowa ya shigo sai ya fita fari, har da hoton fasfo. Na san kwastoma na nema wani lokaci. Amma ku bambanta abu biyu: ɗaga fata don a ga abin da ke cikinta, da ɗaga ta har ta bar jinsinta. A tsarin matakan haske da Ansel Adams da Fred Archer suka tsara wajen 1940, an ajiye fatar Bature a mataki na shida, baƙar fata kuma a na biyar, wato tokar tsakiya, wadda a allonmu take wajen 118. Littattafai da darussa da yawa da ake koyo da su a kan mataki na shida suka ginu, shi ya sa ɗalibi ke jin fuska ba ta yi ba sai ta kai 170 ko 180. Dattijonmu in ka kai kuncinsa 170 ka ba shi fuskar wani. Ga wanda ya fi shi duhu ma, 95 ko 100 ya isa, muddin akwai matakai a ciki. Ku nemi hotunan Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yana ɗaukar mutane da hasken rana a tsakar gida. Fuskokin baƙaƙe ne, bai haska kowa ba, ga tufafi masu zane a gaban labule mai zane, amma idonka fuskar yake fara zuwa, domin daga ƙyallin goshi zuwa inuwar wuya hasken a hankali yake sauka, babu inda ya yanke.

Mu koma ga dattijonmu, mu zo ga Contrast, inda aka fi yin ɓarna. Ma'aunin Contrast, da lanƙwasar nan mai siffar S da kowa ke koyarwa, suna aiki ne a kan wani turke da ke tsakiya, wajen 128. Abin da ya fi shi haske su ƙara masa haske, abin da ya fi shi duhu su ƙara masa duhu. Kuncin Bature yana saman turken, don haka sai ya ƙara haske, hoton ya yi kyau. Kuncin dattijonmu yana 103, a ƙasa. Sai ya gangara zuwa 90 ko ƙasa da haka, inuwa ta faɗa daga 47 zuwa wajen 30, goshi ya haura 210, riga ta doshi 250. Duk ribar da muka samu a Channel Mixer ta zube, an ma ci uwar kuɗi. Wannan shi ne hoton da na siffanta muku da farko, kuma ba laifin kyamara ba ne.

Maganin shi ne mu sauko da turken zuwa inda fuskar take. Ku buɗe Curves. Ku tuna cewa inda layin ya miƙe tsaye, nan bambancin haske da duhu ke ƙaruwa, inda ya kwanta nan yake raguwa, kuma matakan 256 ne kacal. Kamar yadi ne a hannun tela, in ya ƙara wa hannun riga sai ya rage wa jiki. Tambayar ita ce ina za mu kashe yadin. Fuskar dattijo tana zaune tsakanin 47 da 103, can muke son layin ya miƙe. Ku sa ɗigo huɗu, Input zuwa Output:

```
47  → 42
103 → 118
194 → 198
240 → 238
```

Tsakanin inuwa da kunci da can matakai 56 ne, yanzu sun zama 76. Fuskar ta samu siffa, gefen haske ya rabu da gefen inuwa, ƙashin kunci ya fito. Tsakanin kunci da ƙyalli da can 91 ne, yanzu 80, ƙyallin ya zauna a kan fata maimakon ya tashi sama da ita. Hoton ya ƙara ƙarfi a ido, alhali babu abin da ya ƙone. Kada ku haddace waɗannan lambobin, na fuskarsa ne. Ku haddace tsarin: a auna inuwa, a auna kunci, a miƙe layin tsakaninsu, a kwantar da shi daga kunci zuwa ƙyalli. Sannan a tabbatar akwai baƙi na gaske a wani wuri, ƙwayar ido ko cikin zauren da ke bayansa, don in babu shi hoton zai yi hazo. A Lightroom ku riƙe Alt kuna jan Blacks har ɗigo kaɗan su bayyana, ku tsaya. In ɗigon sun fara bayyana a gemu ko wuya, kun wuce.

Wanda ya biya kuɗin wannan gyaran shi ne riga, don ɓangarenta na layin ya kwanta, ninkin shadda da aikin wuya sun ɗan lafa. A nan lanƙwasa ɗaya ba za ta iya bauta wa fuska da riga tare ba. Sai a yi Curves na biyu, a ja ɓangaren haske ƙasa har ƙirjin riga ya sauko wajen 225, ninkin ya yi duhu ya fito, a cika Layer Mask ɗinsa da baƙi, a shafa fari a kan rigar kaɗai da buroshi mai laushin baki. Riba biyu ce: shadda ta dawo shadda, kuma ido ya daina gudu zuwa ƙirji, don ido wurin da ya fi haske yake fara sauka. Ku kula da bakin wuya, inda farin yadi ya haɗu da baƙar fata. In buroshin ya haura, za ku ga wani baƙin zobe a wuyan, in bai kai ba za ku ga farin layi a gefen riga.

Abin da ya rage aikin hannu ne, kuma kaɗan ake so. Ku yi sabuwar leya, ku cika ta da 50% Gray, ku sa ta a Soft Light. Buroshi fari yana haskawa, baƙi yana duhuntawa, Flow kada ya wuce kashi 2 zuwa 4. Hula da goshi sukan jefa inuwa a kwarmin ido, sai a ɗan buɗe wurin har a ga ƙwayar. A rage zafin ƙyallin karan hanci, amma kada a kashe shi, don baƙar fuska da babu ƙyalli ko kaɗan ba ta da rai a hoto. Farin ido kuwa a bar shi yadda yake. A baƙar fuska ya riga ya fi komai fitowa, in aka ƙara masa sai mutum ya zama kamar ya firgita. Haka Clarity: yana ƙara bambanci ne a gefunan abubuwa, a fatarmu kuma gefen da ya fi samu shi ne na ƙyalli da ramukan gumi. Ku ba gemu da hula da aikin riga, ku hana kunci. Ga amarya ma a ɗan rage Texture a kunci da goshi, kaɗan dai, yadda in an matso za a ga fata ce.

Akwai iyakar da ya kamata in faɗa, don kada wani ya je gida ya yi ta fama a banza. Duk wannan jan da turawa yana buƙatar hoton da ke da abin ja. Fayil ɗin RAW yana ɗauke da dubban matakai a kowace kafa, JPEG 256 kawai, kuma ya riga ya matse bayanan launi fiye da na haske. Tunda juyawarmu a kan launi ta dogara, JPEG ɗin da ya bi ta WhatsApp ya dawo zai fashe da murabba'ai a kunci da zarar an taɓa Orange. Don haka ku ɗauka da RAW, ku yi aiki a 16 Bits/Channel. In kuna son ganin baƙi-da-fari a bayan kyamara lokacin ɗauka, ku kunna Monochrome, RAW zai riƙe launinsa. In JPEG kaɗai kuke ɗauka, ku ɗauka da launi, don kyamarar da ta juya da kanta ta riga ta zubar da kafofin uku. Ku daidaita White Balance kafin juyawa, domin shi ke tantance ko fatar za ta faɗa ƙarƙashin Orange ko ta zame zuwa Red ko Yellow. Sannan goshin da ya kai 255 a kafofin uku tun wajen ɗauka, saboda filashi a fuska kai tsaye ko rana tsaka, babu ma'aunin da zai dawo da shi. Ja shi ƙasa toka mara saƙa kawai zai ba ka. Maganinsa yana gaban kyamara: inuwa mai faɗi, ƙofa ko taga, farin ƙyalle a gefen duhu, da hankici a goge gumi.

Masu aiki da waya, ba a bar ku a baya ba. Lightroom na waya yana da ma'aunan launin nan da lanƙwasa. A Snapseed, cikin Black & White akwai zaɓin gilashin launi, ku gwada Orange ko Yellow kafin Red, sannan ku je Curves. Masu GIMP kuma su nemi Mono Mixer a ƙarƙashin Colors, cikin Desaturate, lissafinsa irin na Channel Mixer ne, sai dai 0.60 ake rubutawa a madadin 60.

Sai wanki. Allo fitila ce, takarda kuwa hasken ɗaki take jira, saboda haka inuwar da ke 42 wadda kuke ganin komai a cikinta a allo mai haske tana iya toshewa a takarda, musamman mara sheƙi. Tunda rabin fuskar dattijonmu a can take, wannan ya fi shafar mu fiye da mai wanke hoton Bature. Ku rage hasken allonku har farinsa ya yi kusa da farar takarda da kuka riƙe a gefensa a ɗakin. Kafin ku biya kuɗin babban wanki, ku yanko fuskar kaɗai a girman da za ta fito, ku wanke ta a ƙaramar takarda a injin da zai yi babban, ku fita da ita waje ku duba. In inuwar kunci ta haɗe da gemu, ku koma Curves ku ɗaga ɗigon farko daga 42 zuwa 50 ko 52 a kwafin wanki kawai, ku bar na allo yadda yake. Ku duba launi kuma, domin injin da ke haɗa toka daga tawada masu launi yakan karkata zuwa kore ko shunayya, kuma a kunci ake fara ganin hakan. In ya karkata, ku tambayi mai injin ko yana da saitin baƙi-da-fari na musamman, in babu ku gwada wani wurin.

A nan zan dakata. Wanda ya zo da hoto a filashi ko a waya ya kawo, mu auna kuncin a allon nan kowa ya gani.